Wasiƙa zuwa ga Uwani, da aka ba ta majo

Tawa, daren Lahadi

Uwani,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Babanki ya ce in gaya miki ya ji labari, Allah ya taya ki riƙo.

A waya na ji kina ta zuba game da horon da aka yi muku nan Yamai bayan an ba ki majo, wato shugabar masu jinya ta sashen yara, wai "shugabanci na hidima". Ban tsaya ba ki amsa ba don layin yana yankewa, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Wannan Greenleaf da aka ambata muku, Ba'amurke ne da ya yi kusan shekara arba'in a kamfanin tarho kafin ya rubuta abin a 1970. Mu ma an karanta mana shi ana gab da ritayata, na yi dariya, don tun muna yara malamai ke cewa shugaban jama'a shi ne hadiminsu. Amma akwai abu guda nasa da na riƙe, wato awon da ya kawo: mutanen da kake yi wa hidimar, suna girma? Suna ƙara iya tsayawa da ƙafarsu? Ki ajiye wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya dame ni shi ne cewa da kika yi tun da aka naɗa ki ba ki zauna ba, ke ce samun jijiya, ke ce awon zafi, har shara kin kama. Na san kina ganin hidimar kenan. Bari in ba ki labarin wata allura da aka tsallake a sashena, abin da ban taɓa gaya miki ba don laifin nawa ne.

Watan Satumba ne, tsakiyar zazzaɓin damina, lokacin da gado ɗaya kan ɗauki yara biyu, wasu a tabarma. An kawo wani yaro daga ƙauye, kilo 10, yana suma, jini ya yi ƙasa. Kin san tsarin artesunat, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: allura ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, sannan sau ɗaya a rana har yaro ya iya shan ƙwaya. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne kowane kilo, nasa 30 kenan, rabin kwalba ta 60. Ni da hannuna na yi masa ta farko ƙarfe 2 na rana. Ta biyu ta faɗo ƙarfe 2 na dare.

Da safe na zo na tarar gurbin allurar a takarda babu sa hannu. Yarinyar da ta kwana gardi, ba ta daɗe da fitowa daga makarantar lafiya ta Zinder ba, na kira ta tsakiyar ɗaki, gaban iyayen yara da ƴan koyo, na wanke ta tas. Ba ta ce uffan ba. Aka yi allurar ƙarfe 7 da rabi, ta makara awa biyar da rabi. Yaron Allah ya tashe shi, ba dabarata ba.

Daga ranar takarduna suka yi kyau. Ko gurbi ɗaya ba na samu babu sa hannu. Na fi mako biyu ina jin daɗi, ina cewa faɗa ya yi amfani. Sai ranar da na zauna lissafin magani don in kai wa farmasi: takardu sun ce an yi allura 41 a wancan makon tsakanin sha biyun dare da asuba, kwalaben da suka fita ba su kai haka ba ko kusa. Kin san artesunat in an haɗa shi ba ya jira, abin da ba a yi amfani da shi cikin awa guda ba zubarwa ake, don haka ba za a ce ragowar rana aka yi da ita ba. Na koma kan takardun zafin jiki na dare, sai na ga 37, 37, 37, yaro bayan yaro, a watan da rabin ɗakin ke rawar ɗari. Faɗana bai sa an yi allura ba, sa hannu kawai ya koya musu. Ki riƙe wannan alamar: in takardun dare suka yi kyau fiye da kima, ki ƙirga kwalba.

Ban kira kowa ba. Na ce wa babanki yau a asibiti zan kwana (ke kina jami'a lokacin), na je na zauna a kusurwa ba tare da na karɓi aikin kowa ba. Abin da na gani ya isa. Anfirme ɗaya ce da ƴar koyo ɗaya a kan yara fiye da talatin. Zagayen magani namu sau uku ne, 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare, saboda haka allurar ƙarfe 2 na dare ba ta cikin kowane zagaye, sai wanda ya tuna da ita. Ba abin da zai tuna masa kuma, don a kayen gardi muna rubuta "yana kan artesunat" ne kawai, ba ma sa ƙarfe nawa. Kuran ya ɗauke wajen ɗaya da rabi, tocilar sashen ba batir, yarinyar ta riƙe wayarta da baki tana neman jijiyar wani jariri. Sannan babban abin kunya: kwalaben da ake bar musu na dare sukan ƙare in an karɓi sababbin yara, sauran kuwa suna kulle, lakile yana cikin jakata a gida. Ni na ɗauke shi don tsoron sata. Daren da aka tsallake allurar yaron nan, an kawo yara huɗu bayan isha'i, maganin ya ƙare kafin sha biyu. Ta san haka lokacin da nake mata ihu, amma wa zai ce wa majo laifinki ne a gaban jama'a?

Washegari na kira ta ofis na rufe ƙofa na ba ta haƙuri. Ya yi mini nauyi, na haife ta. A taron safe kuma na faɗi cewa lakile yana wurina daren, tunda a gaban mutane na ci mata fuska.

Gyaran bai ci jika biyar ba. Allo muka rataya, kowane yaro mai artesunat da lambar gadonsa da lokutan allurarsa guda uku, wanda ya yi ta farko shi zai rubuta sauran biyun nan take. Miƙa aiki ya bar ofis ya koma bakin gado, mai sauka da mai hawa su bi yaran da suka fi jin jiki tare, su duba allon. Ni kuma na sa wa kaina doka: ba na fita da yamma sai na ƙirga alluran da za su faɗo da dare, na ƙara kwalaben sababbin shigowa a kai, na duba ruwan haɗawa da sirinji da ruwan sukari saboda yaron da sukarinsa zai faɗi, na kunna tocila na ga tana ci. Lakile ya koma hannun mai gardi, tana sa hannu ta karɓi kaza, da safe ta kawo kwalaben da suka ƙare mu ƙirga tare. Na kuma ce duk wadda allura ta kuɓuce mata ta bar gurbin fari ta rubuta dalili, ba zan yi faɗa ba. Sai da suka gwada ni sau biyu uku kafin su yarda.

Kin ga duk wannan ba wanda zai yi shi sai majo. Anfirme ba ta da ikon zuwa farmasi ta tsaya sai an ba ta, ba ta da ikon shiga wurin darakta da lissafin yara da na ma'aikata ta ce daga Agusta zuwa Oktoba a ƙara mata mutum ɗaya da dare. In kina duƙe kan jijiya tun safe har la'asar, wannan kujerar ba kowa a kanta. Ban ce kada ki taɓa aiki ba. Ranar da ɗaki ya cika ki naɗe hannun riga, kuma jijiyar da ta gagari kowa dole a kira ki. Amma ni na yi shekaru ina karɓe allura daga hannun ƙananan ma'aikata da zarar sun kuskure sau ɗaya, ina jin daɗin a ce hannun majo ba ya kuskure. Sakamakon, da dare da ba na nan, ba mai iyawa. Nan ne awon Ba'amurken ya kama ni. Daga baya sai in tsaya a bayan anfirme, in riƙe hannun yaron, in ce ta sake gwadawa, sai in ta kasa karo na biyu in karɓa tana kallo.

Takardar gardi kuwa a nan za su auna ki, ba a jawabinki ba. Ki fitar da ita da wuri, ki manna inda kowa zai gani, ki riƙe lissafin wanda ya kwana Sallar bara. Masu miji babba a gari za su aiko a roƙe ki, har ni za a iya biyowa. Kada ki saurara. Wadda ke shayarwa ko mai tsohon ciki a sassauta mata, amma a faɗa a fili, a kuma san yadda za ta rama.

Akwai inda hidimar ta tsaya. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kin kuma san yadda akan rasa kaya har a rubuta wa uba takarda ya sayo a waje. A wannan tsakanin ne wani kan sayar wa baƙauye abin da yake na kyauta. Wanda kika kama da wannan, ki kira shi ke da shi, ki faɗa masa abin da kika gani da ranar da kika gani, ki rubuta. In ya sake, ki kai sama. Uwar da ta sayar da akuya ta hau mota daga ƙauye ita ma tana cikin waɗanda aka ba ki, ita ce ma ba ta da bakin magana. Shi ya sa in kin shigo da safe, kafin likita ya fara zagaye, ki tsaya wurin uwaye biyu uku ki tambaye su yadda aka kwana, ko an yi wa yaro allura da dare. Su ba sa barci. Mai shara ma ki gaishe ta da sunanta ki saurare ta, ta fi kowa sanin abin da ke faruwa ƙarfe 3 na dare.

Yarinyar nan da na ci wa fuska, ita ta gaje ni da na yi ritaya. Takan zo gaishe ni da Sallah, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

In kin samu sarari ki rubuto mini gado nawa gare ki, mutum nawa ke kwana, kuma ina lakile yake kwana. Na ba direban motar Laraba cuku da albasa, ki aika a karɓa a tasha da la'asar. Ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki