Hoton sunan Ummi

Yaya, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mutanen Maraɗi, ya ƙafar Baba? Mu nan Agege lafiya lau, mai jego tana ta shan kunun kanwa, jaririya ba ta da aiki sai barci.

An raɗa suna ranar Asabar bayan sallar asuba, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Sunan marigayiya Inna ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Na ji kin yi fushi wai hoton da na sa a Status na WhatsApp hannu ne kawai. Ba rowa ba ce, Yaya. Lambobin da ke wayata yawanci na abokan ciniki ne na kasuwar Mile 12, wasu ko fuskarsu ban sani ba. Status awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda ya ɗauke hoton allo ya riƙe ke nan. Kuma kin san baki, ba kowane "tubarkalla" ne ke fitowa daga zuci ba. Sai na ɗauki ɗan hannunta ta damƙe yatsan uwarta mai lalle, zanen goyo ya rufe sauran.

Har na kusa tafka kuskure. Hoton farko ya yi kyau, ina shirin turawa mai jego ta ce in ƙara girmansa. Ashe katin riga-kafi na gefen katifa, sunan uwar da na layinmu duk ana karantawa. Na ɓoye fuska na bar adireshi! Dole na sake ɗauka.

Rubutun ƙasan hoton ya fi ba ni wahala. Na fara da cikakken suna da ranar haihuwa da asibiti, na goge. Na rubuta "ba ma nuna fuska saboda mahassada", shi ma na goge, don duk wanda ya karanta zai ɗauka da shi ake. Ga abin da na bari:

"Alhamdu lillahi, Allah ya azurta mu da 'ya mace, yau aka yi suna. Ummi na gaishe ku. Allah ya raya ta bisa sunnar Manzo, ya ba mahaifiyarta lafiya. Fuska sai kun zo barka, addu'arku muke nema."

Kowa ya yi dariyar zancen zuwa barka, ba wanda ya ji haushi sai ke.

Gobe da daddare zan turo miki fuskar, irin hoton nan mai alamar 1 a cikin da'ira, wanda sau ɗaya ake buɗewa. Kada ki taɓa shi sai kina zaune kusa da Baba ya sa tabarau. Ki duba hancin da kyau, ni dai na ce na Inna ne, dangin uwarta sun ƙi yarda.

Ƙaninki, daga Legas.