Ku gyara maganar baturin da aka yi a shirin ranar Asabar

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci da amsar da aka bai wa mutumin nan mai shagon kayan masarufi a shirin ranar Asabar. Ya kawo batura biyu, ɗaya tubula mai 220Ah, ɗaya lityum mai 100Ah, ya ce wanne ya fi riƙe wuta, sai baƙonku ya ce ai a fili take, 220 ya ninka 100 har da rara. Wannan amsa kuskure ce babba, kuma irinta ce ke sa mutum ya zuba kuɗinsa a kaya ya koma gida ya kwana a duhu. Ba a tambayi mai shagon bolt nawa ne a jikin kowane baturi ba, alhali idan babu wannan adadin babu yadda za a yi a gwada su.

Abin da Ah ke nunawa shi ne yawan amfiya da baturi zai iya saki a cikin sa'o'i, wato amfiya sau sa'a. Bai faɗi ƙarfin da ke tura wutar ba. Kamar mutum ne ya ce maka yana da buhu 220, maƙwabcinsa kuma buhu 100, bai gaya maka nauyin buhun ba. In na farko buhunansa masu kilo 12 ne, na biyu masu kilo 51, wa ya fi hatsi? Bolt shi ne nauyin buhun. Sai an ninka Ah da bolt ake samun Wh, wato wat sau sa'a, kuma shi ne ainihin wutar da fanka da firji da fitila suke ci. Lissafin ke nan gaba ɗaya:

Wh = Ah × V

Tubular da ake sayarwa a kasuwanninmu mai bolt 12 ce. Saboda haka 220 sau 12 ya ba da 2,640Wh. Lityum mai 100Ah irin wanda ake ratayewa a bango, wanda masu shago ke kira "na kilowat biyar", galibi bolt 51.2 ne, domin ƙananan batura 16 ne aka jera a cikinsa, kowane yana da bolt 3.2. To 100 sau 51.2 ya ba da 5,120Wh. Ka ga wanda aka ce shi ne ƙarami ya kusa ninka wanda aka ce babba. Amma da lityum ɗin nan mai bolt 12.8 ne, da 1,280Wh kawai gare shi, da kuma tubular ta fi shi. Mai bolt 25.6 kuma 2,560Wh ne. Duk ukun 100Ah ne aka rubuta a jikinsu da manyan baƙaƙe, amma babban ya ninka ƙaramin sau huɗu. Shi ya sa na ce amsar gaskiya ga mai shagon ita ce a fara ce masa ya juya baturin ya karanto bolt ɗin.

Ga wata hujja da duk mai haɗa sola ya sani. Ɗauki tubula huɗu masu bolt 12 da 220Ah. In ka haɗa su kai da wutsiya, ja na wannan zuwa baƙin wancan, za ka samu bolt 48, amma Ah na nan a 220. In kuwa ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, bolt na nan a 12, Ah ya hau 880. Wanda ke kallon Ah kaɗai zai rantse cewa haɗi na biyu ya ninka na farko sau huɗu. To batura huɗun nan dai su ne, babu wanda ya ƙara musu darma ko ruwa. Ninka ka gani: 48 sau 220 ya ba da 10,560Wh, 12 sau 880 ma 10,560Wh. Adadin Ah ya canza da yadda aka ɗaura waya, Wh bai motsa ba.

Ko bayan an samu Wh, akwai sauran aiki kafin a ce wannan ya fi wancan, domin ba duk wutar da ke cikin baturi ake iya kwashewa ba. Tubula ba ta son a sauke ta ƙasa da rabi. In ana tatse ta ƙarƙaf kullum dare, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan darmar ciki, sai ka ga ta cika da wuri da rana, ta kuma mutu da wuri da dare. Don haka daga 2,640Wh, abin da mai hankali zai lissafa nasa ne shi ne 1,320Wh. Lityum yana jure a sauke shi har kashi 80 cikin ɗari ko fiye, wato 4,096Wh daga cikin 5,120Wh.

Mu sa wa mai shagon kaya mu gani. A ce yana da fankoki biyu masu wat 70 kowace, fitilu biyar masu wat 10, da talabijin mai wat 60. Jimla wat 250 ke nan. Inbata ma tana cin nata rabon yayin juya wutar, mu ƙaddara kashi 15 cikin ɗari. A tubula, 1,320Wh ya koma wajen 1,120Wh, a raba da 250, sa'a huɗu da rabi. In ya kunna bayan Magariba, kafin sha biyun dare inbata ta fara kuka. A lityum, 4,096Wh ya koma wajen 3,480Wh, a raba da 250, kusan sa'a 14, har gari ya waye fanka na juyawa. In lityum ɗin mai shagon mai bolt 51.2 ne, to wannan shi ne baturin da aka gaya wa jama'a bai kai rabin ɗan'uwansa ba.

Kuma sa'a huɗu da rabin nan ma na yi wa tubular adalci fiye da kima. A duba jikinta, kusa da 220Ah za a ga an rubuta C20 ko C10. Ma'anar C20 ita ce ba za ta ba da 220Ah ɗin cif ba sai an ja ta a hankali cikin sa'a 20, wato amfiya 11. Kayan mai shagonmu, tare da abin da inbata ke ci, suna jan wajen amfiya 24 a bolt 12, fiye da ninki biyu na abin da aka gwada ta da shi. Baturin darma kuwa in ka tsananta ja, abin da zai bayar raguwa yake. A bolt 51.2 kayan nan ɗin dai ba su kai amfiya 6 ba, shi ya sa waya ba ta ɗumi, kan baturi ba ya zafi.

Ba ina cewa kowa ya ruga ya sayi lityum ba ne. Wanda inbatarsa ta bolt 12 ce ba zai iya ɗaura mata baturi mai bolt 51.2 ba, ƙona ta zai yi nan take. Kuma tubula huɗu da aka jera a bolt 48, rabin wutarsu 5,280Wh ne, sun ɗara lityum ɗaya. Abin da nake nufi shi ne in za a gwada farashi, lityum ɗin nan da tubula uku zuwa huɗu ake auna shi. A raba kuɗin kowane da Wh ɗin da za a iya amfani da shi, sannan a san wanne ne mai araha.

Wurare biyu ne ake yawan zamewa a lissafin, kuma ya kamata shirinku ya faɗe su. Na farko, bolt ɗin da ake ninkawa da shi shi ne na asali da aka buga a jikin baturi, ba wanda fuskar inbata ke nunawa lokacin caji ba. Tubula tana hawa har 14.4 in rana ta take, wanda ya ninka da wannan zai ƙara wa kansa wutar da babu ita. Na biyu, akwai lityum da ake kira "na bolt 48" mai ƙananan batura 15 a ciki maimakon 16. Shi 15 sau 3.2 bolt 48 ne daidai, wato 4,800Wh, ya gaza ɗan'uwansa da 320Wh, duk da cewa a baki dukansu "kilowat biyar" ake ce musu. A karanta takardar da ke manne a gefe: in an ga 51.2V, sha shida ne, in an ga 48V, a tambaya.

Wannan ruɗanin ne kuma ke sa matasa zargin masu sayar da fawabank. Yaro ya sayi mai 20,000mAh, wato 20Ah, wayarsa 5,000mAh, ya lissafa caji huɗu, ya samu uku, ya ce an cuce shi. Baturin cikin fawabank bolt 3.7 ne, saboda haka 20Ah sau 3.7 ya ba da 74Wh. Baturin wayar, a bolt 3.85, wajen 19Wh ne. Amma sai fawabank ta ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta bi igiya, wayar kuma ta sake sauke ta, a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafin da kake ji a tafin hannu. Caji uku da ɗoriya shi ne daidai. Maniyyata ma su sani, kamfanonin jiragen sama da Wh suke auna baturin da za a shiga da shi, iyakar da aka saba kuwa ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000mAh a bolt 3.7.

  

Ina roƙon a mako mai zuwa a karanta gyaran nan a farkon shiri, a kuma nemi mai shagon ya sake bugowa da bolt ɗin baturan biyu da na inbatarsa a rubuce, a yi masa lissafin kowa yana ji, kafin ya je kasuwa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani mai aikin haɗa sola, Kano.