Kada mu bi kandir mai kore a guje

Ƴan'uwa mambobin rukuninmu na Zariya, idan koin na kirifto ya tashi daga naira 100 zuwa 160 cikin awa ɗaya, kandir mai kore, wato alamar hawan farashi, ya bayyana a jadawali, waɗanda suka saya tun farko suna neman wanda za su sauke wa kayansu ne. Wanda ya shiga a 160, farashi ya koma 100, ya yi asarar kashi 37.5 cikin ɗari, kuma sai an sake hawan kashi 60 kafin uwar kuɗinsa ta dawo.

Saboda haka ƙa'idarmu ita ce kada kowa ya saya kafin kandir na awa huɗu, wanda ke nuna motsin farashi na tsawon awa huɗu, ya rufe, komai yawan hotunan riba da ake turowa. Kafin shiga, a rubuta farashin da za a fita idan kasuwa ta juya, yadda asarar ba za ta wuce kashi 1 na jari ba. Idan wurin fitar ya yi nisa, a rage kuɗin shiga ko a haƙura da cinikin.