Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Takardun Albashin Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba bana shi ne kwashe abin da ke cikin takardun albashinku zuwa jadawali ɗaya a Excel. A da, in mutum ya nemi rance, sai ma'aji ya yi ta zuƙo hoto a waya yana laluben abin da ya shiga asusunsa. Yanzu kowace takarda layi ɗaya ce: lambar ma'aikaci, wata, gundarin albashi, kowane alawus da gurbinsa, kowane abin da aka cire da nasa, sannan abin da ya rage. Da lamba muke aiki, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa a cikinmu.

Ka'idar da muka tsaya a kai ita ce, ba a karɓar layi sai lissafinsa ya daidaita da na takarda. Ga misali. Gundarin albashi naira 90,000, kuɗin gida 30,000, na sufuri 20,000, wani alawus 10,000, jimilla 150,000. Fansho kashi 8 ne cikin ɗari, kamar yadda dokar 2014 ta tanada, kuma a wannan takarda an ɗora shi a kan ukun farko, wato 140,000, ya ba da 11,200. Asusun gidaje, wanda kuke gani da NHF, a wannan takarda kashi 2.5 ne na gundarin albashi, wato 2,250. Haraji 9,000, gudummawar ƙungiya 10,000. An cire 32,450 ke nan, saura 117,550.

Da aka fara shigar da ita sai jadawali ya nuna 117,280. Bambancin 270 ne, kuma in bambanci ya rabu da 9 cif, sau da yawa lambobi biyu ne suka yi musanyen wuri. Muka duba, ashe 2,520 aka buga maimakon 2,250.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ariyas. In aka haɗa shi da gundarin albashi, mutum zai fito da ƙarfin da ba nasa ba, a ba shi rancen da zai danne shi wata mai zuwa. Saboda haka muka ware masa gurbi. Haka kuma cirewa ɗaya takan zo da suna biyu, yau COOP gobe COOP DED, sai muka mayar da su gida ɗaya. Inda hoto ya dushe ba ma rubuta sifili, fili muke bari har mai ita ya sake turowa.

Sakatare da ma'aji kaɗai ke buɗe jadawalin, domin albashi sirri ne. Waɗanda ba su kammala kawo nasu ba, don Allah a turo takarda cikakkiya, kada a yanke ƙasanta, nan ne jimilla take.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti