Bakwai ba ta cika takwas ba

Garwa, daren Talata

Mutumina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyin Kano bai ƙarasa ƙafar nan taka ba. Wata biyar shiru, laifina ne, na karɓa.

Waƙar ranaku ce ta cinye ni, wadda na ce zan yi wa yara da zane mai motsi. Ka taɓa lura duk ranakunmu gaɓa uku-uku ne? La-ha-di, Li-ti-nin, har A-sa-bar. Na yi murna, sai da mai kalangu ya zo. Kiɗansa zagaye takwas yake, ranaku kuwa bakwai, kullum sai a bar rami a ƙarshe. Kwana uku muna musu, autata ce ta raba gardama: da muka kai Asabar ta tafa hannu. Tafin nan ya zama na takwas. Ga baitin:

Lahadi, Ladi ta je Pitowa,
Litinin, Altine sai karatu,
Talata, Talatu na ta daka,
Laraba, Balaraba an taso da wuri,
Alhamis, Lami ta ga shanu,
Juma'a, Jummai ta sha lalle,
Asabar, Asabe sai wasa,
sai tafi!

Kowace rana daƙiƙa 8, da na tafin 64 ke nan. Zane 12 a daƙiƙa, ka lissafa, 768 ne, ni kaɗai, ga wutarmu da ka sani. Don haka bango ɗaya na zana, ƙofar gida da bishiyar darbejiya, yarinyar da kayanta kawai ke sauyawa. Ladi ta fito da kwando don kasuwar Pitowa, Lami na bin shanun da ake korawa kasuwar Adumri. A wurin tafi su bakwai su jeru, rana ta faɗi ta sake fitowa, Ladi ta matso gaba, don yaro ya gane mako juyawa yake.

Na yi wauta ɗaya, kada ka gaya wa Kawu. Na zana bakin Talatu kafin a ɗauki murya, sai ga baki ya rufe waƙa na ci gaba. Yanzu murya tukuna, zane daga baya.

Af, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma har yau yana cigiyar dala ashirin ɗinsa. Ka ji kunya.

Abin da ke hana ni barci shi ne Lahadi da Laraba. Duk da "La" suka fara, da na gwada da yaran unguwa shida, huɗu suka taso daga Talata suka faɗa Lahadi. Na sa a ja "Laa" ɗin Laraba, na ba Balaraba jan kallabi da jakar makaranta, tunda ran nan rabin yini ake yi. Layin nata ma ya yi tsawo, mai waƙar na haɗiye "da wuri". Kai da ka iya ƙarangiya, rage mini shi kafin Juma'a, ran nan za mu sake ɗauka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
mai bin ka bashin kilishi