Hoton takardar maganin Innarmu ya ɗaure mani kai

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Ƙofar Ƙaura nake rubuto maka a nan Katsina, ina sauraron shirinka kullum amma yau ne dai na yi ƙarfin halin rubutowa.

Innarmu tana Daura, shekararta 67, tana da hawan jini, ga kuma tari da ya dame ta kwana biyu. Ƙanena ya kai ta asibiti aka rubuta magani, da yake ni ke biyan kuɗin sai ya ɗauki hoton takardar ya turo mani ta waya. To hoton nan da magariba ya ɗauka, takardar ta sha ninki a aljihu, inuwar babban yatsanshi ta rufe wani gefe, ga rubutun likitoci kuma ka san shi, kamar kaza ta yi tsere cikin tawada.

Wata maƙwabciyata nas ce, ita ta zauna da ni muka bi layi-layi. Na farko amoksisilin ne, an rubuta 500mg tds x 5/7. Ta ce tds sau uku a rana kenan, 5/7 kuma kwana biyar, wai 7 ɗin kwanakin mako ne, da an sa 2/52 sati biyu kenan, 1/12 kuma wata ɗaya. Ni wallahi na ɗauka kwana biyar zuwa bakwai ake nufi. Muka lissafa ƙwaya 15. Ta ce a raba su kusan awa takwas-takwas, shida na safe, biyu na rana, goma na dare, amma Inna da lokutan salla take gane magani, in ka ce mata sau uku to Azahar, La'asar da Magariba za ta shanye su a jere. Layi na biyu farasitamol ne 1g prn, wato ƙwaya biyu ta 500mg idan ciwo ya taso kawai.

Layi na uku ne ya hana ni barci. Amlodifin, maganin hawan jinin, 10mg x 1/12, wannan mun gane, amma haruffa biyun da ke tsakiya daidai kan ninkin suka faɗo, in na buɗa hoton sai in ga od, in na sake dubawa sai in ga kamar akwai 'yar sanda a saman o ɗin ta koma bd. Maƙwabciyata ta ce od sau ɗaya ne a rana, bd sau biyu, kuma ita a saninta sau ɗaya ake shan wannan maganin, 10mg ɗin ma shi ne iyakar abin da ake bayarwa a rana. Ta ce in aka ninka jini zai iya sauka da yawa, jiri ya kwashe ta in ta miƙe, ƙafafu su kumbura. Amma fa ta ce ba za ta yanke hukunci da hoto ba, a kai takardar kanta wurin ƙwararren mai haɗa magani.

Shi kuma ƙanena ya riga ya je wani kemis na bakin layinsu, yaron shagon ya ɗan leƙa takardar ya ƙirga mashi amlodifin ƙwaya 60, lissafin sau biyu a rana kenan. Na ce kada a ba Inna ko ɗaya, yanzu haka fushi yake wai na raina mashi hankali, ina Katsina ina mulki da waya.

Ga abin da na shirya in sa a tambayi mai haɗa maganin, ka duba mani ko na bar wani abu. Ya tabbatar od ne ko bd, in shi ma bai gane ba ya kira likitan da ya rubuta, kada ya yi kintace. Ya duba 10mg ɗin ma, don a da 5mg take sha kuma akwai saura cikin gwangwanin da take ajiye goro, sabon ya maye gurbin tsohon ne ko haɗawa za a yi? Sannan shekarun baya an taɓa yi mata wata allura jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, ba wanda ya riƙe sunan allurar, ko fenisilin ce ban sani ba, ga shi an ce amoksisilin dangin fenisilin ne, ina so ya san wannan kafin ya miƙa. Tana kuma shan wani jiƙo da safe, kuma ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, yaya za a yi da na ƙarfe biyun rana?

Likita, daren jiya ta sha tsohon 5mg ɗin. Ta ci gaba da shi ne har a warware, ko kuwa? Kuma hoto mai kyau ya isa in kai kantin magani a nan, ko in shiga mota gobe in je Daura in karɓo takardar da hannuna?

Na gode, Allah ya saka da alheri.
'Yar'uwarka daga Katsina.