Atisayen dare ya raba ni da barci, yana neman raba ni da iyalina

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ina rubuto maka wannan takarda ƙarfe biyu saura na dare, idona biyu, bayan Hajiyarmu ta kira ni jiya da La'asar ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina saurayi. Ka yi haƙuri in zancen ya zo a hargitse.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a nan Sakkwato, shekarata 43, mata ɗaya da yara biyar. Wata uku da suka wuce na je asibiti saboda ciwon kai, aka auna jinina aka samu 152/96, nauyina kilo 97. Likitan ya ce in rage gishiri, in rage tumbi, in riƙa motsa jiki. Bai ce mini ga lokacin da zan yi ba, wallahi bai ce ba. To kai ma ka san garin nan. A watan Afirilu zafi yana wuce digiri 40, wa zai fita gudu da rana? Da safe kuma ni ke kai yara makaranta, daga nan sai shago, ba na rufewa sai gab da Magariba. Lokacin da ya rage mini shi ne bayan Isha'i. Na biya kuɗin wata uku a wani gidan motsa jiki da ke kusa da mu, ina shiga tara da rabi, in yi minti 30 a kan injin gudu har in kasa magana saboda haki, sannan in ɗaga ƙarfe. Ina fitowa sha ɗaya saura kwata, in isa gida, in watsa ruwa, sha ɗaya da kwata ina kan gado.

To barcin ne ba ya zuwa. Jikina a gajiye liƙis, ƙafafu kamar ba nawa ba, amma kaina garau kamar hantsi. Ina jin bugun zuciyata a kunnen da na ɗora kan matashi. Ko na yi wanka, bayan minti goma gumi ya sake tsattsafowa. Sai ɗaya da rabi, wani lokaci biyu, kafin ya ɗauke ni, ga kiran Assalatu ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Sau huɗu a makon jiya na rasa jam'in Asuba, ni da sahun farko bai taɓa wuce ni ba. Ranar Talata na yi gyangyaɗi a shago har na ba wata mata canjin da ya fi kuɗinta.

Uwargida kuma ta ɗauki abin wani iri. A ganinta namiji ba ya fita tara na dare ya dawo da fara'a, ya yi wanka, ya kwanta yana juyi yana danna waya, sai in akwai wata. Ta ce, "Wanga atisaye naka, budurwa ta, ka faɗi gaskiya." Ita da ba ta taɓa tambayata nawa jinina ya kai ba, ita da har yau ba ta rage gishiri da magi a miya ba. Ita ce ta kai ƙarata wajen Hajiya. Wayar kuwa don barci ya ƙi zuwa nake ɗaukarta, me zan yi, in ƙura wa silin ido?

Na koma kan zancen jiki. Ƙanena yana aikin jinya, shi ya koya mini ƙirga bugun jini a wuyan hannu, in ƙirga na daƙiƙa 30 in ninka biyu. Da safe kafin in tashi ina samun 76 ko 78. Daren da na yi gudu, a kan gado ina samun 98, ran nan har 104. Ya ce mini kafin barci ya zo, zafin cikin jiki yakan sauka kaɗan, zuciya ta lafa, wannan saukar ce ke shaida wa jiki dare ya yi. Gudu mai tsanani kuma yana ɗaga zafin, yana sakin sinadaran da ke sa mutum ya zama a shirye kamar wanda aka biyo, kuma ba sa sauka nan take, sukan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu ko fiye. Ya ce ɗakin da ya sha rana ya yini, ga babu wuta, jiki ba ya samun inda zai zubar da zafin. Amma shi ɗin dai ya ce akwai masu bincike a ƙasar Suwizalan da suka haɗa nazarce-nazarce 23 a 2018, suka ga motsa jiki da yamma ba ya ɓata barci ga yawancin mutane, sai mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya. Ni kuwa tsakanin fitowata da gado rabin awa ne. Mai koyar da mu a wurin ya ce duk zancen banza ne, wai gajiya ita ce maganin barci, in ƙara nauyin ƙarfe. Shi yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba ya tashi kai kowa makaranta.

Abin da ya ƙara rikita ni, akwai dare biyu da injin janaretan gidan motsa jikin ya lalace, sai na taka da ƙafa kawai daga Mabera zuwa wajen filin wasa na Giginya na dawo, tafiyar da zan iya hira a cikinta. Na ƙirga a gado na samu 82, kuma ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Amma a waɗannan dararen ban tsaya majalisa ba. Na manta ban gaya maka ba, in mun fito mukan ɗan zauna da abokai a sha shayi, kofi biyu ƙanana, irin mai kaurin nan. Kuma kafin in hau inji nakan sha gwangwani ɗaya na lemon ƙara kuzari, don bayan yinin kasuwa ba ni da ƙarfin farawa. Ƙanena ya ce abin da ke cikinsu, irin na goro, rabinsa yana nan a jini bayan awa biyar. Ni dai tun ina yaro nake shan shayi da dare, bai taɓa hana ni barci ba, don haka ban yarda laifinsa ba ne.

Nauyina ya sauka zuwa 93, jinin ya dawo 140/90, ba na son in bari. In na daina yanzu kuma, uwargida za ta ce ai ga shi, da ma an kama shi. Shin gudun ne, ko lokacin, ko zafin gari? In na dawo da shi tsakanin Magariba da Isha'i, ko in bar ƙarfe da gudu zuwa Juma'a da Lahadi da safe in riƙa tafiya sauran darare, zai wadatar wa jinin? Kuma rashin barcin kansa ba ya tayar da hawan jini, kada in zama ina gini ina rushewa? Babban abin da nake roƙo dai, Likita, ka karanta wannan a shirinka na wannan mako, ka faɗi da bakinka cewa atisaye yana hana barci. Tana sauraronka, Hajiya ma haka, maganarka za su ji ba tawa ba.

Af, ƙwayar hawan jinin da aka ba ni, mai sa yawan fitsari, da dare nake shanta don da safe mantawa nake yi. Ko wannan yana da alaƙa?

Naka mai saurare,
Wani ɗan kasuwa daga Mabera, Sakkwato